Lahadin Wa Muke Faɗa a Kai?

Akwai wata dattijuwa a unguwarmu nan Kaele da ake yi wa barka da ranar uwa sau huɗu a shekara guda. Ɗanta da ke sana'ar ɗinki a Mubi yakan kira ta cikin watan Maris. Jikanta da ke karatu a Alƙahira shi ma a Maris yake kira, amma ba rana ɗaya da kawun nasa ba. 'Yarta da ke aure a Duwala takan aiko da saƙo a Lahadi ta biyu ta Mayu, domin a ranar ce wayarta ke cika da hotunan furanni. Sai kuma ƙarshen Mayu, ƙananan jikoki su dawo daga makaranta da 'yar takarda mai zanen zuciya, su miƙa mata suna sunne kai. A bara da ta huɗun ta iso, sai ta dube su ta ce, "Wai ni sau nawa na haife ku ne?"

Da a nan maganar ta tsaya, da mun yi dariya mun wuce. Amma ba a nan ta tsaya ba. A Maris ɗin da ya gabata wata yarinya daga cikinmu, ɗalibar sakandare, ta sa hoton mahaifiyarta a waya tana yi mata addu'a, saboda ta ga 'yan'uwanta na tsallaken iyaka sun yi haka. Wani abokin karatunta ya ba ta amsa da Faransanci cewa nan Kamaru ne, idan kalandar Najeriya take bi to ga hanyar Mubi nan. Yarinyar nan a Kaele aka yanke mata cibiya, a Kaele aka binne kakanta, kuma kakannin kakanta sun yi fatauci tsakanin Garwa da Marwa tun ba a ja layin da ake nuna mata ba. Abin da ya fi ba mu takaici shi ne wasu samarinmu ba su tsaya mata ba. Wani ya ce ita ta jawo, don me ba ta san ranar ƙasarta ba. Wani ya ce dukansu biyun ƙauyawa ne, ranar gaskiya, ranar duniya, ita ce Lahadi ta biyu ta Mayu. Na uku ya rufe da cewa duk abin na coci ne, kowa ya tuba.

Dukansu ukun sun yi magana da ƙarfin gwiwa, kuma babu ɗaya daga cikinsu da zai iya faɗin inda ranar da yake karewa ko yake suka ta samo asali. Wannan ne ya sa muka ɗauki alƙalami. Matsayinmu shi ne babu wata rana ta gaskiya da sauran suka kauce mata. Kowace daga cikin ranakun nan wani mutum ne ko wata hukuma ta zaɓe ta, a wata shekara da aka sani, saboda wata bukata tasu da ba tamu ba. Wanda ya san wannan ba zai ƙara auna ɗan ƙasancin wani da ranar Lahadi ba.

Mu fara da mai cewa tasa ce ta duniya. Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta da ranar uwa. Abin da take da shi shi ne ranar iyaye baki ɗaya, uwa da uba, 1 ga Yuni, wadda ta tsayar a 2012, kuma kusan babu wanda ya san da ita a cikinmu. Lahadi ta biyu ta Mayu ranar Amurka ce, kuma asalinta zaman makokin mace ɗaya ne. Wata baiwar Allah mai suna Ann Reeves Jarvis, wadda ta haifi 'ya'ya sama da goma amma huɗu kacal suka girma, ta shafe rayuwarta tana haɗa kan mata a yankinsu don yaƙi da ƙazanta da cututtukan da ke kashe jarirai. Ta rasu ranar 9 ga Mayu 1905. 'Yarta Anna Jarvis ta ƙudura cewa sai an riƙa tunawa da ita, ta shirya taron addu'a a cocin Metodis na garin Grafton, a jihar West Virginia, ranar 10 ga Mayu 1908. Ranar ita ce Lahadi ta biyu ga wata, ita ce kuma Lahadin da ta fi kusa da zagayowar ranar rasuwar. Anna ta yi ta rubuta wasiƙu ga gwamnoni da 'yan majalisa har 1914, lokacin da Shugaba Woodrow Wilson ya sa hannu ta zama ranar ƙasa. Da mahaifiyar Anna a watan Oktoba ta rasu, da yanzu samarinmu suna rantsuwa cewa Oktoba ce ranar duniya.

Sauran labarin ya fi farkonsa ɗaci, kuma masu tura hotunan furanni ba su cika ba da shi ba. Ba a daɗe ba masu sayar da fure da katin gaisuwa da alewa suka gane cewa kasuwa ta buɗe. Anna ta tsani abin da ranarta ta koma. A ganinta wanda ya sayi kati bugagge ya aika wa uwarsa malalaci ne da ya kasa rubuta mata wasiƙa da hannunsa. Ta yi ta shigar da ƙara, ta yi ta tarwatsa tarurruka, har aka taɓa kama ta a 1925 a Philadelphia da laifin ta da hankali. Daga baya ta bi gida gida tana neman sa hannu don a soke ranar ɗungurungum. Ta rasu a 1948 a gidan jinya, ba dukiya, ba ɗa, ba jika. Ranar ta yaɗu zuwa ƙasashe masu yawa, gaskiya ne, amma ta yaɗu ne kamar yadda lemon kwalba da fina-finan Amurka suka yaɗu. Yawan masu bin abu ba ya mai da shi doka a kan wanda bai bi ba.

To ita kuma ranar Maris da ta jawo wa yarinyarmu gori fa? Wannan ta Ingila ce, kuma a nan mai cewa abin na coci ne yana da rabin gaskiya. Tun ƙarnuka da suka wuce, Kiristocin Ingila suna da al'adar komawa babban cocin yankinsu, wanda suke kira uwar coci, a Lahadi ta huɗu cikin azuminsu na kwana arba'in. Yaran da ke aikatau a gidajen masu hali akan sallame su a ranar su je gida, sai ziyarar uwar coci ta zama ziyarar uwa mahaifiya. Al'adar ta kusa mutuwa, sai wata mata mai suna Constance Penswick Smith ta karanta labarin Anna Jarvis a jarida a 1913, ta ga babu dalilin aro daga Amurka alhali suna da tasu a gida, ta tashi haiƙan ta farfaɗo da ita. Daga Ingila majami'u, musamman na Angilika, suka kai ta Najeriya.

Wannan ranar ba ta da tsayayyen kwanan wata, kuma ya kamata mu san dalili, domin shi ke rikita mutane kowace shekara. Tana faɗuwa ne mako uku daidai kafin Ista. Ita kuma Ista da wata ake lissafa ta: ana jiran cikar wata ta farko daga 21 ga Maris, sai Lahadin da ta biyo baya. Saboda haka Ista tana yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, ranar uwa ta Ingila da Najeriya kuma tana bin ta a baya, tsakanin 1 ga Maris da 4 ga Afrilu. A 2023 Ista ta kama 9 ga Afrilu. Ka cire kwana 21, ka sami 19 ga Maris. A 2025 Ista ta yi jinkiri har 20 ga Afrilu, sai ranar uwa ta koma 30 ga Maris, wadda ta zo daidai da ranar ƙaramar Sallah a Najeriya. Mu da muke duban jinjirin wata kafin mu ɗauki azumi bai kamata a ce lissafin da ke bin wata ya zame mana abin mamaki ba.

Yanzu mu zo kan wadda aka ce ita ce tamu, wadda ake koya wa 'ya'yanmu a makaranta, ake kuma sanarwa a rediyon Garwa da Marwa: Lahadin ƙarshe ta Mayu. A nan za mu ɗan daɗe, domin wanda ya yi wa yarinyarmu gori da wannan ranar ya yi tinƙaho, kuma ya kamata ya san abin da ke hannunsa.

Faransa ta fito daga Yaƙin Duniya na Ɗaya ta rasa sojoji kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu. Tun kafin yaƙin ma manyanta suna cikin fargaba, domin haihuwa ta ja baya a ƙasar alhali Jamusawa suna ta ƙaruwa. Ƙasar da ba ta da jarirai yau ba za ta sami sojoji da ma'aikata nan da shekara ashirin ba. Daga wannan fargaba ranar uwa ta Faransa ta fito. A 1918 birnin Lyon ya yi bikin karrama matan da suka rasa 'ya'ya da mazaje a fagen fama. A watan Mayu 1920 gwamnati ta ƙirƙiro lambar yabo ta iyali, kuma ba kowace uwa ake ba ba: ta tagulla ga mai 'ya'ya biyar, ta azurfa ga mai takwas, ta zinariya ga mai goma. Bayan wata biyu, a Yulin shekarar, majalisa ta kafa doka mai tsanani da ta hana tallata hanyoyin hana ɗaukar ciki. Ka haɗa biyun ka ga inda aka dosa. Anna Jarvis uwa ɗaya take kuka a kai, tata. Hukumar Faransa kuwa kawuna take ƙirgawa. (Mu faɗa a gefe: da an zo unguwanninmu da wannan ma'auni, da zinariyar Faransa ta ƙare tun ba a wuce Mayo-Kani ba, kuma da iyayenmu mata ba su ma yarda a ƙirga musu 'ya'ya a bainar jama'a ba.)

A 1941, Faransa tana ƙarƙashin mamayar Jamus, gwamnatin Marshal Pétain mai mazauni a Vichy ta ɗauki ranar ta kambama ta, ta cusa ta a makarantu, aka sa yara suna shirya wa iyayensu mata 'yan zane-zane da kalaman yabo. Ba Pétain ya ƙirƙiro ta ba, kamar yadda wasu ke faɗa, amma shi ya ba ta wannan kama ta aikin aji. Wato 'yar takardar nan mai zanen zuciya da jikoki suka kawo wa dattijuwarmu tana da dogon tarihi fiye da yadda malaminsu ya zata. Bayan yaƙi, ranar 24 ga Mayu 1950, a zamanin Shugaba Vincent Auriol, aka kafa dokar da ta tsayar da ranar a Lahadin ƙarshe ta Mayu. A wannan shekarar Kamaru tana hannun Faransa, saura shekara goma ta sami 'yancin kai. Ta makarantar Bature da cocinsa da kalandarsa ranar ta shigo mana, kamar yadda ta shiga Nijar da Senegal da Mali, kuma bayan 1 ga Janairu 1960 ta ci gaba da zama bisa sabo. Ba ta cikin ranakun hutun ƙasa. Ba ta da matsayin 20 ga Mayu, ba ta ma da armashin 8 ga Maris da matan ƙasar nan ke ɗinka wa atamfa.

Dokar ta 1950 tana da wata togaciya da ke tona asirin masu tinƙaho. Ta ce idan Lahadin ƙarshe ta Mayu ta haɗu da Fentikos, sai a ɗage ranar uwa zuwa Lahadi ta farko ta Yuni. Fentikos kwana 49 ne bayan Ista. Mu koma 2023: Ista 9 ga Afrilu, ka ƙara mako bakwai, ka sauka a 28 ga Mayu, wadda ita ce Lahadin ƙarshe ta watan. Don haka a Faransa ranar uwa ta shekarar ta koma 4 ga Yuni. A 2026 kuwa Ista 5 ga Afrilu ce, Fentikos 24 ga Mayu, kuma watan yana da wata Lahadin a gaba, 31 ga wata, saboda haka babu karo, ranar ta zauna a wurinta. Duk wanda ke son ya san ranar kowace shekara, abin da zai yi ke nan: ya nemo Ista, ya ƙara mako bakwai, ya duba ko ya faɗa kan Lahadin ƙarshe ta Mayu. Muna tambayar mai gorin nan: a shekara irin 2023, wace ce ranar ɗan ƙasa na gari, 28 ga Mayu ko 4 ga Yuni? In ya ce 4 ga Yuni, to dokar majalisar Faris yake bi, harafi da harafi. In ya ce 28 ga Mayu, to ya yarda ke nan cewa ana iya saɓa wa kalanda ba tare da an fita daga ƙasa ba.

A duba kuma yadda aka yi ɗan dattijuwarmu na Mubi ya zama mutumin Maris, ƙannensa na Kaele suka zama mutanen Mayu. Mubi da Garwa da Marwa duk ƙasar Adamawa ce a da, duk kuma Jamus ta haɗa su a Kamaru ɗaya. Da aka ci Jamus a 1916, Ingila da Faransa suka raba ƙasar, Mubi ta faɗa rabon Ingila, mu muka faɗa rabon Faransa. A ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairu 1961 yankin su Mubi ya zaɓi Najeriya. Iyakar da ta raba ranar uwa a gidan dattijuwar nan ita ce iyakar da ta sa ɗaya yana ƙirga naira ɗaya yana ƙirga sefa. Babu wanda ya tambayi uwa ko ɗaya a Mayo-Kani ko a Mubi wace Lahadi take so. Yarinyarmu da mai yi mata gori duka rigar aro ce a jikinsu, tata ɗinkin Landan, tasa ɗinkin Faris, sai ga shi yana yi mata dariya wai tata ba ta gida ba ce.

Jikan da ke Alƙahira shi ne amsar mai cewa duk abin na coci ne. Ranar 21 ga Maris da ake yi a Masar da yawancin ƙasashen Larabawa ɗan jarida ne ya kawo ta, Mustafa Amin, wanda shi da tagwayensa Ali suka kafa jaridar Akhbar al-Yaum. An fara yin ta a 1956, aka kuma zaɓi ranar saboda ita ce farkon lokacin da ƙasa ke tsiro da fure a can. A Kaele 21 ga Maris tsakiyar bazara ce, rijiyoyi sun ja, ko akuya inuwa take nema. A Iran kuwa da kalandar Hijira suke lissafi, 20 ga Jimada Sani, ranar da suke ɗauka ta haihuwar Nana Faɗima. A Tailan 12 ga Agusta ce, ranar haihuwar Sarauniya Sirikit. Hukuncin yin bikin ko barinsa na malamai ne, kuma sun yi magana, wasu sun hana wasu sun sassauta. Ba mu da niyyar shiga gonarsu. Abin da muke cewa shi ne wanda zai hana ya hana da hujjar da ta tsaya da ƙafarta. In ya ce ranar Maris ta Najeriya daga kalandar coci take, ya yi gaskiya. In ya ce ta Faransa haka take, ya yi kuskure, domin ta hukuma ce, kuma dokarta ma kauce wa idin coci take yi. In ya ce ta Masar haka take, ya yi wa Musulmi miliyoyi ƙazafi. Yaro mai waya a hannu zai gano kuskuren cikin minti biyu, daga nan kuma ba zai ƙara sauraron sauran wa'azin ba, har da wanda yake daidai.

Ranar uba ita ce ta fi ba da dariya, kuma ita ce ta fi ƙarfafa maganarmu. A kanta babu faɗa tsakanin Kaele da Mubi, domin Kamaru da Najeriya da Faransa da Ingila da Amurka duk Lahadi ta uku ta Yuni suke yi. Ba wata hikima ce ta haɗa su ba. Wata mata mai suna Sonora Smart Dodd, a birnin Spokane na Amurka, ta ga ana karrama iyaye mata, ta tuna mahaifinta, tsohon soja da ya rene su su shida shi kaɗai bayan rasuwar matarsa. Ta nemi a yi ranar 5 ga Yuni, ranar haihuwarsa. Limaman cocin garin suka ce lokaci ya ƙure ba su shirya huɗuba ba, aka ɗaga zuwa 19 ga Yuni 1910, Lahadi ta uku. Wato ranar da rabin duniya ke bi yau jinkirin masu wa'azi ne ya haife ta. Ba ta ma zama doka a Amurka ba sai 1972, a zamanin Richard Nixon, shekara 58 bayan ta mata.

Faransa kuwa ta hannun 'yan kasuwa ta karɓe ta. Wajen 1950 wani kamfani mai suna Flaminaire, mai ƙera ƙyastun gas na kunna taba, ya ga cewa watan Yuni kasuwarsa takan yi sanyi, sai ya shiga tallar ranar uba irin ta Amurka, yana kwaɗaita wa yara su saya wa babansu ƙyastu. Daga nan ta kama, daga Faransa kuma ta gangaro mana. Da Faransa ta bi tsohuwar al'adar Katolika, da 19 ga Maris muke yi, ranar Yusufu mijin Maryamu a kalandarsu, kamar yadda Italiya da Sifen da Fotugal ke yi har gobe. A Ostireliya sai Lahadi ta farko ta Satumba. A Taiwan 8 ga Agusta, don kawai a harshensu faɗin takwas-takwas yana kama da faɗin baba. Idan haɗuwar rana ita ce shaidar zama 'yan ƙasa ɗaya, to a watan Yuni mu da mutanen Mubi da na Landan ƙasarmu ɗaya, a watan Maris kuma mu rabu. Kowa ya ga wannan ma'auni bai auna komai ba.

Za a ce mana, to in duk aro ne, me ya sa ba za mu watsar ba gaba ɗaya? Akwai masu wannan ra'ayi a cikinmu, kuma ba mu raina shi ba. A gidan Bahaushe ɗa yakan durƙusa ya gai da mahaifiyarsa kowace safiya, ba ya jiran Lahadi. Uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ɗan ma ba ya tsayawa gabanta yana zuba mata kalaman ƙauna ido cikin ido. Kunya ce ke ɗauke da abin da baki bai faɗa ba. Shi ya sa jikokin nan suka miƙa takardarsu suna sunne kai, shi ya sa kuma da yawa daga hotunan da ake sawa a waya uwar da ke ciki ba ta taɓa ganinsu ba, don ba ita aka yi wa ba, abokai aka yi wa. Wanda ya ce shi ba ruwansa da ranar, gaisuwar safe da cefane da kuɗin magani sun ishe shi, ba mu da ja da shi. Sharaɗi ɗaya ne: kada ya mai da rashin yinsa sandar dukan wanda ya yi, domin in ya yi haka ya koma sahun mai gorin can, sai dai sandarsa daban.

Amma 'ya'yanmu suna zaune a aji ɗaya da 'ya'yan Mundang da Tufuri da Giziga da Fulani, kuma a makon ƙarshe na Mayu malami zai ce kowa ya zana wa uwarsa wani abu. Ba ma son ɗan Bahaushe ya zama shi kaɗai ne ya naɗe hannu, ko ya tashi ya ce ranarsu ta wuce tun Maris. Mu 'yan tsiraru ne a garin nan, kuma mun san abin da ware kai ke jawowa a kasuwa da ofis da wurin neman takardar haihuwa. Saboda haka shawararmu ga mai son yi ita ce ya yi tare da maƙwabtansa, a Lahadin ƙarshe ta Mayu. Ba don ta fi sauran asali ba, mun riga mun ga asalinta. Amfanin rana irin wannan ɗaya ne tak, wato mutanen wuri su yi ta tare, kuma mutanen wurinmu wannan suke yi. Wannan zaɓi ne na zaman tare, muna yin sa da idonmu a buɗe, ba haraji ba ne da wani zai tsaya a bakin hanya yana karɓa. In ɗan'uwa ya kira daga Mubi a Maris a amsa masa da farin ciki, in yarinya ta ga dama ta sa hoton uwarta a Maris da Mayu da Disamba, babu wanda ta ci wa bashi.

Ga samarinmu da suka juya wa yarinyar nan baya muke da magana mafi nauyi, fiye ma da wanda ya fara gorin. Shi bai san tarihin ba, kuma ba 'yar'uwarsa ba ce. Ku kuwa kun ji an ce wa 'yar unguwarku ta kama hanyar Mubi, maimakon ku tambayi mai faɗin wace doka ce ta Kamaru ta karya, sai kuka tsaya gyara mata kalanda. Yau a kan Lahadi aka nuna mata hanya. Wanda ya saba nuna hanya a kan ƙaramin abu ba zai ji nauyin nuna ta a kan rumfar kasuwa ko katin zaɓe ba, kuma a ranar ba zai tambaye ku ko kun iya lissafin Fentikos ba.

Dattijuwarmu dai ta ba da nata hukuncin tun bara. Ta ce wa na Mubi ya ci gaba da kiran Maris, domin a lokacin ne zafi ke tsananta, kuɗin ruwa ke ƙaruwa. Ta ce wa ta Duwala ta daina aiko da hoton fure, ta aiko da abin da za a sayi irin gyaɗa, tunda saƙonta yana isowa ne gab da faɗuwar damina. Takardun jikoki kuwa tana ajiye su cikin kwalla, ƙarƙashin zannuwanta.